Awon ƙirjin sa da igiya: yadda ake sanin nauyinsa kafin allura ko ciniki

A karar shanu, ko ta Wudil ce ko ta Maigatari ko ta Potiskum, ba za ka ji ana ciniki da kilo ba. Dillali zai zagaya sa, ya dafa ƙugunsa, ya matsa gindin wutsiya, ya dubi tozo, sai ya yanka kuɗi. Idonsa ya saba, kuma ba na raina wannan ido. Amma kuɗi idon dillali yake aunawa, ba nauyi ba. Ranar da ka riƙe sirinji a hannu, kwalbar magani tana cewa mil ɗaya ga kowane kilo hamsin, wannan ido ba zai fishe ka ba, domin sai ka san kilo nawa ne dabbar da ke gabanka. Sikelin shanu kuwa ba kowa ke da shi ba. Sai a manyan gonaki da cibiyoyin bincike irin ta Shika da ke kusa da Zariya.

Abin da ya rage wa mai turke da makiyayi shi ne igiyar awo. Dalilin da ya sa take aiki ba ɓoyayye ba ne. Gangar jikin saniya kamar ganga take kwance: idan ka san kaurinta, ka san tsawonta, ka kusa sanin abin da ke cikinta. A duk jikin kuma babu inda ya fi ƙirji faɗin gaskiya, wato zagayen da ke bayan ƙafafun gaba daidai inda zuciya take. Wurin haƙarƙari ne ke riƙe da shi, saboda haka ba ya kumbura ya sace kamar tumbi. Sa zai sha bokiti biyu na ruwa cikinsa ya fito, amma awon ƙirjinsa kaɗan zai motsa. Shi ya sa ba a awo a tsakiyar ciki, ko da yake nan ne ido ya fi zuwa.

Na fara ɗaukar abin da muhimmanci ne a gidan kawuna, wanda yake turke bijimai biyu ko uku duk shekara saboda kasuwar Babbar Sallah. Wata shekara ya sayo wani farin Bunaji, dogo, mai ƙashi, amma a rame. Ya ba shi maganin tsutsa sau biyu, ya zuba masa dusa da harawa, sa dai bai ɗago ba. Na tambaye shi mil nawa yake yi masa. Ya ce biyar, don mai shagon magani ya ce babban sa biyar ake yi masa.

Na ce, “Kawu, kilo nawa kake ba shi?”

Ya ce, “Kai yaro, wa ya taɓa ɗora shi a sikeli? Ba zai wuce ɗari biyu da hamsin ba.”

Washegari da sassafe, kafin a ba shi ruwa ko a zuba masa abinci, muka auna. Zan bi yadda muka yi dalla-dalla, domin yawancin kuskuren da ake yi a wannan aiki ba a lissafi yake ba, a ɗora igiya yake.

Matsala ta farko ita ce tef ɗin. Tef ɗin tela da ke kowane gida santimita 150 ne tsawonsa, wato inci 60, kuma ba ya zagaye ƙirjin babban sa. Akwai tef na musamman da ake sayarwa a wasu shagunan maganin dabbobi, mai santimita a gefe ɗaya da kilo a ɗaya gefen, zan dawo kansa. Mu dai ba mu da shi. Muka samo siririyar igiya wadda ba ta talewa, don igiyar roba ko tsumman atamfa suna miƙewa su rage maka awo. Abin da za a yi shi ne a zagaya igiyar, a kama inda ta haɗu da ɗan yatsa ko a ƙulla, sannan a shimfiɗa ta a ƙasa a auna da tef ɗin tela sau biyu a jere.

Sai tsayuwar dabbar. A same ta a wuri mai daidai, ba gangare ba, ƙafafu huɗu a tsaye sosai, na gaba a jere, kai a yadda ta saba riƙe shi. Idan ta sunkuyar da kai tana kiwo, ko an ja igiyar hanci kanta ya ɗaga sama, ƙirjin yana canza siffa. Kawu ne ya tsaya a kansa yana sosa masa wuya, tun da shi ya sani. Ni na tsaya a gefen hagu dab da kafaɗa, inda harbin ƙafar baya ba ya kaiwa sosai, na jefa igiyar ta saman baya, ƙanena ya zaro ta ta ƙarƙashi da sanda mai lanƙwasa. Kada mutum ya sa kansa a ƙarƙashin sa don kamo igiya. Ba a yi wa dabbar da ba ta saba da hannu ba wannan awo sai an ɗaure ta da kyau.

A nan ne shanunmu suka bambanta da na Turai: tozo. Igiya za ta bi ta bayan ƙafafun gaba dab da hammata, ta hau sama ta bayan tozo, ba ta kansa ba. A bijimin da tozonsa ya yi girma har ya kwanta baya, sai ka ɗan ɗaga shi da hannu ka shigar da igiyar a gindinsa. A tabbata ba ta karkace ba, wato ba ta yi gaba a sama ta yi baya a ƙasa ba. A ja ta har ta kwantar da gashi ta zauna a fata, amma kada ta nutse cikin nama. A jira dabbar ta saki numfashi sannan a kama. Muka yi sau uku, muka samu 167 da 168 da 169, muka ɗauki 168.

Awo na biyu shi ne tsawo, kuma ba daga kai zuwa wutsiya ba ne. Ana farawa daga ƙashin da ya turo a gaban kafaɗa, wanda za ka ji da hannu a gefen ƙirji ta gaba, a ja a miƙe zuwa ƙashin da ya turo a gefen gindin wutsiya. Layin yana ɗan haurawa sama, ba a kwance yake ba. Namu ya ba da santimita 136.

Lissafin da aka fi sani shi ne wanda ake kira ƙa'idar Schaeffer. Ana ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawo, a raba da 10840, idan da santimita aka auna. Abin da ya fito shi ne kilo.

```
168 × 168 × 136 ÷ 10840 = 354
```

Kalkuletar kowace waya tana yin wannan. Wanda ya auna da inci kuma da 300 zai raba, amma abin da zai samu laba ce, ba kilo ba, sai ya sake raba ta da 2.2. Haɗa waɗannan biyu shi ne kuskuren da na fi gani: mutum ya auna da inci ya raba da 10840, sai sa ya fito kilo ashirin da ɗaya, ko ya ɗauki laba 777 a matsayin kilo. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, a duba wadda ake karantawa. Idan amsar ta fito abin da hankali ba zai ɗauka ba, to a nan matsalar take.

Sa dai kilo 354 ya nuna, ba 250 ba. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, “Ashe ƙashi ma nauyi ne.” Rama ce ta ruɗe shi. Ido yana bin tsoka, idan ya ga haƙarƙari a waje sai ya rage wa dabba nauyi fiye da kima, ya manta da ƙashi da fata da kayan ciki.

Ga abin da wannan rata take nufi a sirinji. Allurar aibamektin mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari, wadda ake yi ƙarƙashin fata saboda tsutsar ciki da ƙwarin fata, mil ɗaya ce ga kilo 50. Sa mai kilo 354 mil bakwai yake buƙata. Kawu yana yi masa biyar, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na maganin bai taɓa shiga jikinsa ba. Irin wannan rabin magani ya fi rashin magani illa ta wata fuska. Yana kashe tsutsotsi masu rauni, ya bar masu juriya, su kuma su hayayyafa su zuba ƙwai a kashi, ƙwan ya koma makiyaya da turke. Bayan 'yan shekaru sai ka ji ana cewa maganin nan ya daina aiki, jabu ne. Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, awon ne bai kai ba.

Maganin sammore ya fi nuna abin a fili. Ƙaramar ledar diminazin, wadda makiyaya suka fi sani da Berenil, an shirya ta ne don dabba mai kilo 300 a kan awon da aka saba. Idan aka narkar da ita yadda takardar ta ce, tana ba da mil 15, wato mil ɗaya ga kilo 20. Al'adar da ta zauna ita ce leda ɗaya saniya ɗaya, wani ma ya raba leda ɗaya wa shanu biyu don tsimi. Da a ce sammore ne yake damun bijimin Kawu, kusan mil 18 zai buƙata, leda ɗaya ba ta isa ba. Karsana mai kilo 180 kuwa mil tara ne nata, leda guda ta yi mata yawa. Haka allurar oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wadda take mil ɗaya ga kilo 10: wannan sa mil 35 ne nasa, kuma ba a zuba su wuri guda, ana rarraba su a tsoka wuri biyu ko fiye yadda takardar ta nuna, in ba haka ba wurin ya kumbura. Wanda yake yi wa kowane babban sa mil ashirin bai yi masa magani ba, ya ɗanɗana masa ne kawai.

Yanzu kuma gaskiyar da dole a faɗa game da igiyar kanta: ba sikeli ba ce. Lamba 354 ba tana nufin sa ɗin kilo 354 ne cif ba. Ni ina ɗaukarta da sassaucin kashi goma cikin ɗari sama ko ƙasa, wato wani abu tsakanin 320 da 390. Wani zai ce to ina amfanin awon da zai iya kaucewa da kilo talatin da biyar? Amfaninsa shi ne idon Kawu ya kauce da fiye da ɗari. Kuma da ka san iyakar kuskurenka, ka san ɓangaren da za ka jingina.

A wajen magani, idan maganin mai sassauci ne irin aibamektin ko albendazol, a jingina sama. Na ce wa Kawu ya ɗauki sa ɗin a 375, ya yi masa mil bakwai da rabi. Ɗan ƙarin nan ba ya cutarwa, ragin ne yake cutarwa. Amma wannan ba doka ba ce ga kowane magani. Lebamisol, wanda shi ma maganin tsutsa ne, ratar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke bugarwa ba ta da faɗi. Idan ya yi yawa za ka ga dabba tana dalalar da miyau, jikinta yana rawa. Shi da magungunan sammore a tsaya a kan lambar da awo ya bayar, kada a yi kyauta, musamman ga dabbar da ta galabaita. Akwai kuma abin da igiya ba ta gani ko kaɗan: albendazol ba a ba saniyar da ta ɗauki ciki kwanan nan, komai daidaiton awonta. Awo yana faɗa maka yawan magani ne, ba ya faɗa maka wane magani ko wace cuta. Wannan aikin malamin dabbobi ne, kuma zai fi jin daɗin aiki da kai idan ka kira shi da lamba a hannu.

A wajen ciniki kuwa jinginar takan juya. Mai saye ya ɗauki lambar ƙasa. Mai sayarwa ma gara ya yi lissafinsa da ta ƙasa, don kada ya tafi kara da kuɗin da babu su a jikin sa. Ba na ba kowa shawarar ya fito da igiya a tsakiyar kara yana jayayya da dillali a kan kilo, ba haka ake ciniki ba, kuma farashin sa ba nauyi kaɗai ne ke yanka shi ba. Launi, ƙaho, siffa, kusantowar Sallah, duk suna ciki. Awon na gida ne, kafin a fita. A ce, misali, an taya sa mai kilo 354 naira miliyan ɗaya. Ka raba, kowane kilo ya tashi kusan naira 2,800. Ga wani kuma gajere, mai sheƙi, ƙirji 155, tsawo 128, wanda lissafi ya ba shi kilo 284, an taya shi dubu ɗari tara. Nasa kilon ya tashi kusan 3,170. A ido na biyun ya fi araha. A nama na farkon ne ya fi. Mahauci yana yin wannan lissafin a ransa ko bai riƙe biro ba, domin ya san abin da zai rataya bayan an cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki wajen rabin nauyin dabbar ne, ya ɗan haura a mai ƙiba, ya gaza a ramamme. Wato daga sa na farko yana sa ran nama da ƙashi wajen kilo 175. Idan kai ma ka san haka, ba za a taya maka kuɗin ƙaramin sa ka sallama ba.

Abin da ya sa na dage a kan tozo da jan igiya shi ne awon ƙirji sau biyu yake shiga lissafi, don haka kuskurensa ma ninkawa yake yi. Da mun bi ta kan tozo muka samu 178 maimakon 168, lissafin zai ba da kusan kilo 398. Santimita goma sun haifi kilo arba'in da wani abu da babu su. A sa mai wannan girma, kowace santimita ɗaya ta ƙirji ta fi kilo huɗu. Kuskuren tsawo bai kai haka zafi ba, santimita ɗaya wajen kilo biyu da rabi ce. Saboda haka idan dabba tana fizge-fizge kuma awo ɗaya kawai za ka iya maimaitawa, maimaita na ƙirji.

Akwai dabbobin da igiya take yi wa ƙarya ko da an ɗora ta daidai. Saniyar da ta sha bazara ta rame sosai, haƙarƙarinta ba ya ramewa tare da ita, don haka awo zai ba ta nauyin da ya fi nata. Irin wannan ba a ƙara mata komai a kan lamba, ragewa ma ake yi. Saniya mai tsohon ciki kuma akasin haka ne, nauyin ɗan yana baya inda igiya ba ta bi. 'Yan maruƙa siffar jikinsu daban ce, ƙafa ta fi gangar jiki, kuma su ne ƙaramin kuskure ya fi yi wa illa. Maraƙin da za a iya ɗauka gara a auna shi a sikelin rataye na 'yan hatsi, a sa shi cikin buhu ko majanyi. Irin shanu ma yana da tasiri: Bokolo mai cikar jiki da Rahaji mai dogayen ƙafafu ba sa ɗaukar nama iri ɗaya a kan awo ɗaya.

Wannan ne ya sa nake taka-tsantsan da tef ɗin kanti mai kilo a jiki. Yana da sauƙi, ka zagaya ka karanta, babu lissafi. Sai dai da yawa daga cikinsu an tsara lambobinsu ne a kan shanun Turai marasa tozo, masu faɗin baya da cikar cinya, kuma ƙirji kaɗai suke dubawa, ba ruwansu da tsawo. Wanda yake da shi ya yi amfani da gefen santimita, ya yi lissafi, ya kwatanta da abin da gefen kilo ya ce. Idan sun yi kusa, madalla. Idan sun yi nisa, kuma aka samu damar ɗora ko da shanu biyu ko uku a sikeli na gaske, sai a ga wanda ya fi kusa da gaskiya a irin shanun da ake kiwo, a riƙe shi.

Inda igiya ta fi ƙarfi, a ganina, shi ne auna dabba ɗaya da kanta wata bayan wata. Ko da lissafin yana ƙara mata kilo ashirin, haka zai riƙa ƙarawa kowane lokaci, don haka bambancin da ke tsakanin awo biyu abin dogaro ne, muddin mutum ɗaya ne yake awon, da igiya ɗaya, da safe kafin ci da sha. Kawu ya rubuta 168 da gawayi a bangon turke. Bayan wata guda da yin allurar daidai muka sake zagaya igiya, ta nuna 171, wato ƙarin wajen kilo 13. Bai kai rabin kilo a rana ba, amma sa ya fara tafiya. Mai turke da yake da irin wannan rubutu yana iya lissafa kuɗin dusa da harawar da ya kashe a wata, ya raba da kilon da aka ƙara, ya ga ko ci gaba da ciyarwa riba ce ko lokacin fitarwa ya yi. Idan wata biyu suka wuce igiya ba ta motsa ba alhali abinci yana shiga, akwai abin da ke ci tare da sa: tsutsa, ko ciwon hanta, ko sammore, ko haƙora sun ƙare.

A gefen lambar awon, a rubuta ranar allura. Kowane magani yana da kwanakin da takardarsa ta ce a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, kuma na yanka bayan allurai irin aibamektin da oksitetrasaikilin mai dogon aiki makonni ne, ba kwana biyu ba. An ƙididdige kwanakin nan ne a kan awon da ya dace. Wanda ya zarce awo ya tsawaita zaman maganin a cikin nama. Don haka mai niyyar kai sa kasuwar Sallah ya ƙirga baya daga ranar kasuwa, ya gama allurarsa tun da sauran lokaci. Kawu ya yi ta ƙarshe saura wata biyu, ya rubuta ranar a ƙarƙashin 171.